Kwateshan da Hausa, wa zai taimaka kafin Juma'a?

Yaron Alhaji: Salam 'yan uwa. Maigidana a Kantin Kwari zai sayo yadi daga Keqiao ta ƙasar Sin, ni ne mai rubuta wa kamfanonin, shi kuma ya ce sai na fassara masa komai kafin Juma'a don shi ba ya sa hannu a abin da bai gane ba. Kwateshan ɗin nan me zan ce masa? Na rubuta "tayi".

Malamin Hausa: Tayi na mai saye ne, kai ke tayawa, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama. Wannan kuwa mai kaya ne ke faɗin kuɗinsa. Ka ce "ƙiyasi".

Tsohon ɗan Kwari: Malam rabi ka samu. Ƙiyasi ai kintace ne, wannan ko farashi ne da ya yanke har da ranar da zai daina aiki. "Takardar farashi" ta wadatar, wadda ka aika kuma "takardar neman farashi". Amma ƙanina ni ba sunan ke damuna ba, me ka rubuta a ciki? In ka ce 10,000 kawai, su da mita za su lissafa, mu da yadi muke sayarwa, yadi ɗaya kuma santimita 91.44 ne. Ka ga wani ya ce dala 1.15 duk yadi, wani ya ce 1.20 duk mita, sai Alhaji ya ruga wajen na farkon alhali yadi 10,000 mita 9,144 ne, na farkon 11,500 zai karɓa, na biyun 10,973. Sama da dala 500 kenan a banza.

Hajiya mai leshi: Ba rasit kuke nufi ba? Ni dai na taɓa cewa bandir 50, ban faɗi yadi nawa ne a bandir ba, wallahi da kaya suka iso kamar na yi kuka.

Tsohon ɗan Kwari: Rasit sai an biya Hajiya. Amma bandir da dila da turmi kam kar su shiga takarda sai da adadin yadi a gefe. Ya sa faɗi, inci 45 ko 58, da nauyi giram nawa a murabba'in mita, sannan farashin FOB Ningbo ne ko CIF Apapa, na farkon iyakarsa a loda kaya a jirgi a tashar Ningbo ta Sin, na biyun ya haɗa kuɗin jirgi da inshora amma ban da kwastan.

Malamin Hausa: Inci, inshora, kwastan! Haka za ku kashe harshen nan. Ni na fi son "yankakken sallamawa".

Hajiya mai leshi: Malam farashi ma fa aro ne, ka je Kwari ka ce yankakken sallamawa ka ga ko ba a nuna maka mahauta ba.

Malamin Hausa: To a sa takardar farashin, amma ban yarda ta bambanta shi da jerin farashin da ake ba kowa ba.

Yaron Alhaji: Na gode, na sa. Na karanta wa Alhaji ya ce "au, kwateshan kake nufi?" Saura furofoma, ita kuma fa?