Neman kalma: me za mu kira "bayofsi" da lambar da likita ke ba ciwon limfoma?

Malam Sani, Aboabo: Assalamu alaikum. Za a yi faɗakarwa a kan ciwon limfoma a makarantarmu ta Islamiyya, ni aka ɗora wa mayar da bayanin likita cikin Hausa. Sunan ciwon bai dame ni ba, "dajin kaluluwa" kowa zai gane. Abu biyu ne suka tsaya mini. Na farko bayofsi, wato ciro nama daga jiki don a duba shi a na'ura. In na ce yanka ko tiyata, rabin iyayenmu mata sun toshe kunne ke nan, domin a wajensu ƙarfe ba ya taɓa daji, in ya taɓa sai ya fantsama. Na biyu lambar nan daga 1 zuwa 4. Masu rediyo na cewa "mataki", amma kunnena bai kwanta da ita ba. A taimaka.

Alhaji Garba, Asawase: Wa alaikumus salam. Malam, ai kaluluwa ba ciwo ba ce, alama ce. Ka ji rauni a ƙafa ta fito a matsematsi, haƙori ya ruɓe ta fito a wuya. A sha magani, tushen ya warke, ita ma ta sace. In dole sai an sa suna, a ce "gutsuro", tunda ɗan kaɗan suke ɗiba.

Dakta Hadiza: Baba Alhaji, gaskiyarka a kan yawancin kaluluwa. Amma wadda kake nufi tana da zafi in an taɓa, tana zuwa tare da ciwon maƙogwaro ko kunne ko haƙori, kuma cikin mako 2 zuwa 4 ta fara komawa. Wadda muke tsoro galibi ba ta ciwo. Tana da tauri kamar roba, ta wuce sentimita 2, ta yi mako 4 zuwa 6 ba ta ragu ba, ko ma ƙaruwa take, kuma an duba baki da kunne da fatar kai ba a ga dalilinta ba. Wadda ta fito a ramin da ke saman ƙashin wuya kuwa ba ma jiran makonnin nan. Rashin ciwon shi ke kwantar wa mutane hankali, alhali shi ne ya kamata ya tayar da shi.

Antibayotik ƙwayar cutar bakteriya yake kashewa. In likita ya ga alamarta, zai iya ba da zagaye guda ya ce a dawo bayan mako 2. Aka dawo kumburi na nan, zagaye na biyu da na uku ba su da abin da za su kashe, watanni kawai suke ci. Kuma akwai ɓarnar da ta fi ɓata lokaci. Tibi na kama kaluluwar wuya, kuma a ƙasar nan ta Gana dole a fara tunaninsa. A hannu ba a iya raba shi da limfoma, domin dukansu na kawo zazzaɓi da rama da gumin dare. Antibayotik irin sifuro yana ɗan danne tibi ba tare da ya kashe shi ba, sai gwaji ya rikice. Mafi muni shi ne deksa da firedinisolon da ake saye a kantin magani. Suna narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, kumburi ya faɗa, gida a yi murna. In an ciro kaluluwar a wannan hali, mai dubawa na iya kasa gane komai, sannan ciwon ya dawo.

Hajiya Maimuna, Sabon Zango: Ni ma wuyana ya kumbura shekaru, a gaba, in na haɗiye yawu sai ya motsa. An ce in riƙa cin gishiri mai ayodin. To ni ma sai an yanka ni, 'yata?

Dakta Hadiza: Hajiya, abin da ke gaban wuya yana hawa da sauka in an haɗiya ya fi kama da maƙoƙo, hanyarsa daban. A duba miki shi a asibiti, amma ba shi muke magana a kai ba.

Malam Sani, "gutsuro" ce ba na so, ga dalili. Hanya biyu ake bi. Akwai siririyar allura da ake zuƙo ƙwayoyi da ita, akwai kuma ciro kaluluwar ɗungurungum. Allura na da sauri, tana taimakawa wajen gano tibi, amma a limfoma sau da yawa ba ta isa. Kamar a zaro zare ɗaya daga atamfa ne a ce a faɗi zanenta. Mai duba na'ura yana bukatar ya ga yadda ginin kaluluwar ya rushe. A nau'in limfomar da ake kira Hojkin ma ƙwayoyin dajin kaɗan ne ƙwarai a tsakanin lafiyayyu, allura na iya wuce su a rubuta ba a ga komai ba. Shi ya sa ake zaɓar wadda ta fi girma da tauri a ciro ta gaba ɗaya. In tana kusa da fata, allurar kashe zafi ta wadatar, mutum ya koma gida ranar. Wani sashe a sa shi cikin fomalin, ruwan da ke adana nama, don duba daji, wani a bar shi ba fomalin don gwajin tibi. In muka koya wa mutane "gutsuro", ranar da likita ya ce zai cire duka sai su ce an yaudare su.

Zancen ƙarfe kuma: limfoma ciwo ne na ƙwayoyin da tun asali yawo suke cikin jiki, ciro kaluluwa ɗaya ba ya watsa shi. Abin da ke faruwa shi ne ana zuwa a makare, a ciro, sannan hoto ya nuna inda ciwon ya riga ya kai, sai a ɗora wa wuƙa laifi.

Malam Sani: Na gane, Likita. To "ciro don awo" fa? Ba yanka a ciki, ba gutsuro, kuma ta faɗi dalili.

Abdul-Razak, ɗalibin aikin jinya, Ankara: Ni dai a bar bayofsi yadda take. Ba mu fassara asibiti ba, ba mu fassara allura ba. Kuma ita ce za su ji a bakin likita a Komfo Anokye ko Korle Bu. In Malam ya ba su wata kalma, su je can ba su ji ta ba, an koma gidan jiya.

Malam Sani: Ɗana, allura da asibiti kakarka ta san su tun kafin a haife ka. Amma maganarka ta biyu ta shige ni. Zan haɗa su: ciro don awo, wanda likita zai ce muku bayofsi.

Maman Fati, Sawaba: Yayana Malam, bari in kawo namu, domin a kan lambar ne muka sha kuka. Ƙanena makanike ne a Magazin, shekararsa 24. Abu ya fito masa a hagun wuya, girman goro, ba ciwo. Sau uku ana ba shi kafso a wani kanti. Gumi yake da dare har a canza zanin gado, nauyinsa ya sauko daga kilo 68 zuwa 60 cikin wata 5. Da aka ciro aka ce Hojkin ne, ba tibi ba. Aka yi masa hoton siti, a takarda aka rubuta IIB. Mahaifiyarmu da ta ji "mataki na biyu" sai ta ce saura biyu ke nan ya tafi.

Dakta Hadiza: Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Bari mu karanta takardar tare. Akwai tantanin nama da ya raba ƙirji da ciki, wanda muke numfashi da shi. Shi ne iyakar da ake lissafi da ita. Kaluluwa a rukuni ɗaya kaɗai, lamba 1. Rukuni biyu ko fiye, amma duk a gefe guda na tantanin, lamba 2. Sama da ƙasa duka, lamba 3, kuma saifa ana lissafa ta cikin kaluluwa. In ya bazu cikin ɓargo ko hanta ko huhu, lamba 4. Tsarin ya samo asali daga taron likitoci a birnin Ann Arbor na Amurka a 1971, aka sabunta shi da tsarin Lugano a 2014.

Ke nan hoton ƙanenki ya nuna wani rukuni bayan na wuya, galibi a tsakiyar ƙirji ko hammata, amma ƙasan tantani babu komai. Da an gani a saifa, da 3 aka rubuta. Harafin B kuma na alamu uku ne, ɗaya ma ta isa: zazzaɓi sama da digiri 38 ba dalili, gumin dare mai jiƙa kaya, ko zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyi a wata 6. Kilo 8 daga 68 ya kusa kashi 12, ga kuma gumin. Wanda ba shi da ko ɗaya A ake rubuta masa.

Ki gaya wa Mama lambar ba ta ƙirga sauran kwana. Tana faɗin inda ciwon yake ranar da aka auna, don a san yawan maganin da za a ba da. A Hojkin na lamba 1 da 2 akan yi zagaye 2 zuwa 4 na maganin daji, sau da yawa a bi da gashin wurin da na'ura. A 3 da 4 akan yi 6, kuma mai harafin B ko babban kumburi a ƙirji ana iya kai shi shidan ko da lambarsa 2 ce. Ko a lamba 4, yawancin masu Hojkin da suka kammala maganinsu suna warkewa. Sau da yawa nau'in limfomar ya fi lambar nauyi, kuma nau'in ba a saninsa sai an ciro.

Alhaji Garba: To a ce "zango". Zango na ɗaya, zango na biyu, kamar na fatake.

Malam Sani: Baba Alhaji, kalmar ta yi daɗi, amma matafiyi in ya bar zango na biyu na uku ya nufa. Tsoron Mama bai gushe ba. Ni ina ganin "faɗin ciwo": faɗi na 1, faɗi na 2. Ko "yaɗuwa".

Dakta Hadiza: Aikin kansa "awon yaɗuwa" ya dace da shi. Amma "faɗi" za a ɗauka girman kumburin ne, alhali mai ƙaton kumburi guda na iya zama lamba 1, mai ƙanana sama da ƙasa ya zama 3. Kuma don Allah ka ware yara a bayaninka. Limfomar Bakit, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, tana iya ninkuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, tsarin lambarta ma daban ne. Ita ba a jira mata mako 4, ranar da aka gani ake kai yaro.

Abdul-Razak: "Yaɗuwa ta 1" kuwa ba ta zauna ba, tunda a lamba 1 bai yaɗu ko'ina ba. Mataki dai ta riga ta kama bakin mutane.

Maman Fati: Ni da tun farko cewa aka yi "ya tsaya a sama da tantani, bai sauka ciki ba", da Mama ta yi barci daren nan. Yaya, ko wace kalma ka ɗauka, ka bi ta da wannan bayanin.

Malam Sani: "Ciro don awo" da "awon yaɗuwa" na rubuta su. Lambar kuwa zan ce "lamba ta 2" kawai in faɗi wuraren, har a samu wadda ta fi. Likita, tantanin nan yana da suna a bakin mahauta, zan tambaya a mayanka kafin Asabar. Wanda ya riga ni sani ya rubuto.