Asusun hayar gidaje na kasuwar hannun jari: in saka kuɗin sallamata?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da naira miliyan biyu daga kuɗin sallamar aiki. An ce in saka a REIT, wato asusun hayar gidaje, wai zan riƙa cin kuɗin haya ba tare da na gina ko ɗaki ba. Yaya suke biya, kuma ina hatsarin yake?

Sanusi Dillali: Hajiya ki bar wannan, ki sayi fili a bayan gari. Masu tara kuɗin jama'a a waya duk guduwa suke yi.

Malam Kabiru: Sanusi, ba irin waɗancan ba ne. Wannan a kasuwar hannun jari ta Legas ake sayensa ta hannun dillali mai lasisi, kamar UPDC REIT da SFS REIT, kuma SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, ke sa musu ido. Hajiya, gidaje da ofisoshi suke mallaka, su karɓi haya, su cire kuɗin gyara da inshora da ladan manaja, abin da ya rage su raba. Tun dokar kuɗi ta 2019 an yafe musu harajin kamfani a kan haya muddin sun raba aƙalla kashi 75 cikin wata 12, shi ya sa ba sa riƙe kuɗin.

Mu ɗauka kaso ɗaya naira 5 ne, kin samu kaso 400,000. Idan suka raba kwabo 40 a kowane kaso, kin tashi da naira 160,000 a shekara, kashi 8 ke nan, kafin haraji. To a Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34. Kuɗi ya shigo, amma abin da zai saya ya ragu, domin haya ba ta tashi da saurin kayan masarufi. Kuma idan babban ɗan haya ɗaya ya tashi daga bene, rabon shekarar zai faɗi.

Zainab A.: Gaskiya ne, amma ai ya fi fili, duk ranar da kika so za ki sayar.

Malam Kabiru: A takarda haka ne, Zainab. Sai dai cinikinsu kaɗan ne. Za ki iya saka kaso 400,000 a kasuwa ki rasa mai ɗauka sai kin karya farashi. Hajiya, ki nemi rahotonsu na shekara, ki duba ribar: nawa ne haya da aka karɓa a hannu, nawa ne ƙarin darajar gini da mai ƙiyasi ya rubuta? Na biyun ba ya shiga aljihu.

Abban Sadiq: Ni nawa rabon shekara biyu ya maƙale don ban cike fom ɗin e-dividend, na tura rabo kai tsaye asusun banki, wurin rijistara mai riƙe da sunayen masu kaso ba. Ki cike tun farko. Abin da ya fi damuna, wani ɓangare na kuɗin REIT ɗin a takardun bashin gwamnati suke ajiye shi, akwai ruwa a ciki.

Maman Ilham: To wannan fa? A cire a sadakar, ko a bar abin gaba ɗaya?

Malam Kabiru: Rahoton yana ware kuɗin ruwan daban da na haya. Ki kai wa malaminki shafin ya duba, ni ba mai fatawa ba ne.