Zan gana da shugabar ɗakin gwaje-gwaje ta wata masana'anta a Sharaɗa: me zan tambaye ta?

Tambaya

Assalamu alaikum. Na karanta ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta a jami'a, na gama bautar ƙasa, kuma burina shi ne in yi aiki a sashen duba ingancin kaya na masana'antar abinci. Kawuna ya haɗa ni da wata hajiya da ke shugabantar ɗakin gwaje-gwaje a wani kamfanin man gyaɗa da ke Sharaɗa a Kano. Ta ce babu gurbi a wurinsu yanzu, amma ta ba ni rabin sa'a ranar Laraba in je mu tattauna. Yaya zan shirya, kuma me ya kamata in tambaye ta?

Amsar wani dattijo da ya daɗe a aikin masana'anta

Wa alaikumus salam, 'yata. Tun da ta riga ta faɗa miki babu gurbi, ki ɗauki maganarta yadda ta faɗe ta, domin da zarar ta ji kina kewaye-kewaye kina neman ta saka ki a wani wuri, za ta kama bakinta ta koma ba ki amsoshin sallama. Abin da take da shi wanda ba za ki samu a takarda ba shi ne yadda aikin yake a zahiri, kuma shi za ki je nema.

Kafin Laraba ki sayi kwalbar man da suke yi, ki karanta duk abin da ke jikinta: lambar rajistar NAFDAC, lambar rukunin da aka sarrafa, ranar ƙarewar wa'adi, da bayanin sinadarin bitamin A, wanda doka ta wajabta a zuba a man girki a Najeriya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai wanda ya sa hannu a kansa a ɗakin nan da za ki shiga. Sannan ki koma littafinki ki tuna yadda ake auna tsamin mai da yadda ake gano ya fara ɗoyi, da abin da ya sa ake tsoron gubar afalatoksin a gyaɗar da aka adana da danshi. Wanda ya je da wannan, ba zai ɓata minti goma ana yi masa bayanin abin da zai iya karantawa a gida ba.

Ki rubuta tambaya huɗu kawai, domin gaisuwa da tambayar mutanen gida za su ci minti biyar, kuma bai dace a tsallake su ba. Ta farko ita ce mafi nauyi: kada ki ce mata yaya aikin yake, domin za ta ce alhamdu lillahi, akwai wahala amma akwai daɗi, shi ke nan magana ta mutu. Ki ce, "Hajiya, jiya daga shigowarki zuwa tashinki, me da me kika yi?" A nan ne za ki ji cewa motar gyaɗa ta iso, an soki buhuna an ɗebi samfur, an auna danshi, an cika takardu, wataƙila ma an yi sa-in-sa da dillali. Idan ta ambaci wani abu da ba ki gane ba, ki tsaya a kansa ko da sauran tambayoyinki za su sha ruwa.

Ta biyu, ki tambaye ta ranar ƙarshe da ta ƙi amincewa da wani kaya, da abin da ya biyo baya. Wannan ne zai nuna miki ainihin sana'ar, saboda mai duba inganci shi ne ke tare kayan da sashen sarrafawa ke gaggawar fitarwa, kuma idan ba ki iya jure ɓacin ran manaja, gara ki sani tun yanzu. Ta uku ta shafe ki kai tsaye: a masana'antar mai, yawancin gwajin na kimiyyar sinadarai ne, alhali abin da kika karanta ya fi tasiri a kamfanonin madara, yogot, lemo da ruwan sha. Ki tambaye ta ko ta taɓa ɗaukar mai irin karatunki, da abin da ya fi ba shi wahala a watannin farko. Ki rufe da neman sunan mutum ɗaya da za ta yarda ki je wurinsa da sunanta, a Bompai ne ko a Challawa. Idan rabin sa'a ta cika, ke ce za ki fara cewa lokacin da ta ba ki ya cika. In ta ga dama ta ce ki zauna.

Amsar wani matashi

'Yar'uwa, ki tabbata kin haddace yadda za ki gabatar da kanki, da dalilin da ya sa ya kamata su ɗauke ki, domin kusan kullum da su ake farawa. Ki kuma tafi da ainihin takardunki da hotonsu.

Amsar wata ma'aikaciyar ɗaukar ma'aikata

Ƙanina, wannan ba jarrabawar ɗaukar aiki ba ce, 'yar'uwar tamu ce za ta yi wa hajiyar tambayoyin. Duk da haka akwai gaskiya a maganarka, domin hajiyar za ta ce mata ta faɗi wani abu game da kanta, kuma jimla uku sun isa: abin da ta karanta, inda ta yi aikin koyon sana'a lokacin tana jami'a, da gwajin da ta taɓa yi da hannunta. Inda na bambanta da Baba shi ne batun takardar bayanin kai. Ni ina ganin ki miƙa mata ita kafin ki fita, saboda irin waɗannan masana'antu sukan cike gurbi ba tare da talla ba, kuma takardar da ke cikin aljihun tebur ita ake fara ɗaukowa. Ki kuma tambayi albashi, don kada ki yi ta wahala a kan abin da ba zai biya kuɗin motarki ba.

Dattijon ya sake cewa

Malama, ban hana ta riƙe takardar a jaka ba, amma ta jira a nema. In kuwa tana so ta fito da ita, to ta roƙi hajiyar ta duba ta faɗa mata abin da ya rage a ciki, wanda neman gyara ne, ba roƙon aiki ba. Albashi kuma kada ta tambayi na hajiyar. Ta tambayi abin da ake fara biyan sabon shiga a wannan fanni, da ko ana aikin dare.

Amsar wata da ta taɓa irin wannan ganawa

Yayata, ni kuskuren da na yi shi ne na ajiye waya a tebur na ce zan naɗi muryar mutumin don kada in manta. Ya amince, amma daga nan duk maganarsa ta koma ta taka-tsantsan, kuma sai da na kashe wayar muna tafiya bakin ƙofa ya faɗa mini cewa mata biyun da suka ɗauka sun bari ne saboda aikin dare da rashin mota bayan ƙarfe goma. Wannan jimla ɗaya ta fi mini duk abin da na naɗa amfani. Ki tafi da ƙaramin littafi da biro, ki rubuta sunaye da lambobi kawai, sauran ki rubuta su da zarar kin shiga adaidaita-sahu. Kada ki ɗauki hoton komai a ɗakin gwajin, kada kuma ki tambayi sirrin haɗinsu ko sunan masu kawo musu kaya. Washegari ki tura mata saƙon godiya, ki ambaci abu ɗaya takamaimai da kika ƙaru da shi.

Mai tambaya ta dawo

Na gode muku ƙwarai. Na sayi kwalbar man, na kuma rubuta tambayoyin Baba. Batun takardar zan riƙe ta a jaka in ga yadda hirar za ta kasance. Mahaifiyata ta ce in kai mata turare don kada in je hannu rabbana, amma ni ina tsoron kada a ofis a ɗauke shi toshiyar baki. Akwai wanda ya taɓa kai irin wannan?