Sunan kamfani a wutsiyar take: a saka, a rage, ko a cire?

Mun daɗe muna jayayya kan wannan, mu masu harhaɗa shafukan intanet, amma bakinmu ya fi zuwa ɗaya kan batun wuri. Google yakan yanke taken shafi a sakamakon bincike idan ya wuce haruffa kusan 60, kuma wutsiya ce ke fara tafiya. To, duk harafin da sunan kamfani ya ci, kayan sayarwa aka hana.

Wani ya kawo misalin shagon atamfa. Takensu ya fara da dogon sunan shagon, har da lambar layi, sannan kayan. A waya, mai nema sunan kawai yake gani, atamfar ta ɓace. Aka juya shi haka:

```html
<title>Atamfar Holan yadi shida | Alheri</title>
```

Kalma ɗaya ta isa, tunda da ita masu saye ke kiran shagon.

A shafin farko kam, sunan ya zo cikakke, a gaba ma. Inda aka yi gardama shi ne cire shi gaba ɗaya. Wasu suka ce Google yana nuna sunan shafin a saman kowane sakamako, maimaitawa ɓarnar wuri ce. Ni dai na fi yarda da wadda ta ce a duba Search Console, wurin da Google ke nuna kalmomin da ake nemo shafinka da su, tukuna: idan mutane na rubuta sunanka yayin nema, ka bar shi, don shi ke jawo su. Idan ba wanda ya san ka tukuna, kuma taken ya riga ya yi tsawo, cire shi ba asara.