Salula ta ce 2,590, ɗan canji ya ba ni 2,520

Mai tambaya: Salamu alaikum ƴan uwa. Zan tafi Kano sari, na canza sefa jaka 500 a Kasuwar Dole ta Damagaram. Salula ta nuna jaka ɗaya, wato sefa dubu, naira 2,590, aka ba ni 2,520. Naira dubu 35 ke nan suka tafi. Cutata aka yi ko haka abin yake?

Tsohon ma'aikacin banki: Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka gani farashin tsakiya ne. Manyan bankuna suna cinikin kuɗi tsakaninsu da farashi biyu, na saye da na sayarwa, sai a haɗa a raba biyu a sa maka a salula. Kuma sefa da naira ba su da wata babbar kasuwa tsakaninsu, lissafi ake yi. Tun 1999 yuro ɗaya sefa 655.957 ce, wato ɗari shida da hamsin da biyar da ɗoriya. In yuro ta kai naira 1,700, ka raba da 655.957 ka ninka sau dubu, jaka ta tashi wajen 2,590. Bankunan nan miliyoyi suke juyawa lokaci guda, shi ya sa ratarsu ba ta taka kara ta karya ba. Babu wanda ya yi alkawarin sayar maka a kan lambar.

Ɗan canji: Alhaji ya gama magana. Ni tsabar kuɗi nake riƙewa. Ina biyan mai ɗauko naira ta hanyar Matameye, ga ɓarawo, ga jabu, ga naira ta faɗi da daddare tana cikin akwatina. Yau in na sayi jaka 2,520 na sayar 2,620, tsakiyata 2,570. Naira 50 na ci a kanka, ba 70 ba. Sauran 20 ɗin bambancin kasuwarmu da ta salula ne.

Wata hajiya: To ka sayi yuro mana, ita ba ta motsi, ba mai rage maka ko dala.

Tsohon ma'aikacin banki: Hajiya, da sefa kaɗai ba ta motsi. Banki zai cire kamashonsa, in ya isa Kano kuma a sake yankarsa wajen mai da ita naira. Yanka biyu ke nan.

Wani ɗalibi: Ni ma yayana ya turo mini kuɗi daga waje, aka ce aikawa kyauta, amma abin da ya iso bai cika ba.

Ɗan canji: Cikin farashin suka ɓoye nasu, yaro. Kai kuma mai tambaya, gobe kar ka faɗi abin da ke aljihunka. Ka ce "nawa kake saye, nawa kake sayarwa?" wajen mutum uku. Wanda ratarsa ta fi ƙanƙanta, zauna nan. Jaka 500 ai ana tayawa.

Mai tambaya: Na gode. Amma wani ya ce a Kano sefa ta fi daraja, in tafi da ita?

Ɗan canji: Wata rana haka ne, wata rana a'a. Kira mutuminka na Wapa, kasuwar ƴan canji ta Kano, da safe kafin ka shiga mota.