Wayata ta karanta boko, ta kasa karanta takardar ajami

Mai Kwafi, Ringim: Salamu alaikum jama'a. Jiya wani dattijo daga ƙauye ya kawo min takardar cinikin gida ta kakansu, da ajami, yana so a buga a kwamfuta kafin ta ƙarasa yagewa. Na ɗauki hotonta da manhajar nan da ke ciro rubutu daga hoto. Takardun boko tana kwashe min su tsaf, sai dai ƙ da ɗ da ɓ da take mayarwa k, d, b in gyara da hannu. Amma wannan shirme ta zubo min. Duk inda aka rubuta "ƙasa" sai ta ba ni "fasa". Wa ya taɓa gamuwa da haka?

Ɗan Gumel: Ai waya ba ta jin Hausa sosai, Yaya. Ka fara fassara shi zuwa Turanci tukuna.

Mai Kwafi, Ringim: Ba fassara nake nema ba ƙanena. Baƙaƙen nake so ta gane.

Gardi daga Ɓaɓura: Malam Mai Kwafi, wannan "fasa" ba shirme ba ne, rubutunmu na allo ta karanta da idon mutanen gabas. A rubutun Warshu fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun gabas, irin na Hafsu, fa ce ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. To ta ga ɗigo ɗaya a sama, me za ta ce in ba fa ba? Ni kaina ranar da na fara riƙe bugun Hafsu sai da na yi tuntuɓe a nan.

Injiniya, Dutse: Alaramma ya faɗi daidai. Ƙari a kai, boko kowane harafi zaman kansa yake, da 'yar tazara tsakaninsa da maƙwabcinsa, don haka yanka shi ɗaya-ɗaya ba wuya. Larabci baƙi 28 ne, yawancinsu suna sauya siffa: ta farkon kalma daban, ta tsakiya, ta ƙarshe, da ta wanda ke tsaye shi kaɗai. Kuma a ɗinke suke, ba inda za ka sa wuƙa. Shida ne ba sa kama na gabansu: alif, dal, zal, ra, zai, wawu. Su kuma nasu rikicin shi ne suna buɗe gurbi a tsakiyar kalma, sai na'ura ta ɗauka kalma ta ƙare, ta raba ɗaya gida biyu. Shi ya sa Tesseract, wani injin ciro rubutu daga hoto, tun fitowa ta 4 a 2018 ya koma bin layi ɗungurungum maimakon yanka baƙi. Na gwada shi a kan littafin Larabci bugun inji, da sikana a 300 dpi:

```
tesseract shafi.png sakamako -l ara
```

Ya yi ƙoƙari. Da na ba shi rubutun hannu da tawadar gargajiya, ko layi ɗaya bai fita lafiya ba. Ba, ta, sa, nun da ya a tsakiyar kalma haƙori ɗaya ne, ɗigo kawai ke raba su. Ɗigo biyu suka jiƙe suka haɗe, ta ta zama nun. Kashin ƙuda ma ɗigo ne a wurinsa.

Malama Uwar Ɗalibai, Bichi: Ni nawa da wasali ne. Na ɗauki hoton takardar jarrabawar Islamiyyarmu mai cikakken wasali, sai ta watsar da rabi, wani wasalin ƙasa kuma ta manna shi a layin da ke biye. Da na ba ta shafin da babu wasali sam, ta fi yin kyau. Tun daga nan nake ganin gara a goge wasalin kawai.

Gardi daga Ɓaɓura: A Larabci kya iya, Malama, don mai ilimi zai gane kataba ne ko kutiba daga zancen. A ajamin Hausa kuwa kin kashe takardar. Rubuta gain, dal, alif da babbaƙu zalla: gida ne, guda ne, ko gada? Takardar da ke hannun Mai Kwafi ta cinikin gida ce, in ta ce "gida guda" kalmomin nan biyu wasali kaɗai ya bambanta su. Ga kuma ɗigon imala da muke sawa a ƙasa don sautin e. Ina jin shi ma za ta ɗauke shi a matsayin ɗigon harafin ba.

Injiniya, Dutse: Ko ta share shi a matsayin datti. Na ga duka biyun a shafi ɗaya, ban gano abin da ke sa ta zaɓi wannan ko wancan ba.

Mai Kwafi, Ringim: Na duba yanzu, "gida guda" ɗin kuwa yana nan a layi na uku, ta fitar da kalma ɗaya sau biyu ba wasali. Na aika a kira min limamin unguwarmu bayan la'asar, ya karanta ina bugawa da boko. Injiniya, hoton asalin fa, in sa shi a sikana ko wayar ta isa? Takardar ta yi laushi, ina tsoron danne ta da murfi.