Momen a tsakiyar bim ya hana zanena rufuwa

Salam 'yan uwa, don Allah masu karatun sibil ku taimaka min, tun jiya nake kan silayid ɗaya na kasa wucewa. Bim ne mai tsawon mita 6, sapot a A da B, ba wani lodi a kansa sai momen na 12 kNm mai juyawa irin na hannun agogo, mita 2 daga A.

Na samu RB = 2 kN sama, RA = 2 kN ƙasa, to shiya fos ɗina -2 ne tun daga A har B, layi miƙaƙƙe, nan ba matsala. Wahalar a BMD take. An koya mana canjin momen shi ne faɗin filin da ke ƙarƙashin SFD, na bi haka sai na ƙare da -12 a B, alhali dole ya zama sifili tunda bim ɗin yana iya juyawa a kan sapot ɗin.

A silayid kuwa layin ya gangara zuwa -4, kawai ya yi tsalle tsaye zuwa +8, sannan ya sauko sifili, ba ko bayani. Na ga tsallen 12 ne daidai, amma me ya sa bai fito a SFD ba sam? Kuma ta yaya zan gane sama zai yi ko ƙasa, in an juya momen ɗin ɗaya ɓangaren fa? Tes gare mu ran Litinin wallahi.